Ƙaramin baƙin da ya ci mini kuɗin bugu

Har yanzu idan na ga kalmar Nigériens, wato 'yan Nijar da Faransanci, sai raina ya sosu. Wani ɗan kasuwa a nan Kano ya ba ni aikin fassara takardar gayyata zuwa Faransanci, za a kai wa abokan cinikinsa na Maraɗi. Na yi fassarar, amma hannuna ya saba da Turancin Ingilishi, sai na rubuta Lundi 3 Mars, na rubuta en Français et en Haoussa, dukkansu da manyan baƙaƙe.

Na nuna wa wani dattijo mutumin Damagaram da ya daɗe yana koyarwa. Ya ce, "Ɗana, Faransanci ba ya ɗaga kan rana, wata ko harshe." Ya gyara mini: lundi 3 mars, en français et en haoussa. Ya ƙara da commerçants nigériens, shi ma da ƙaramin n. Sunayen wurare kuwa, Maradi, Kano, le Niger, ya ce in bar su da babban baƙinsu. Na ce, "Na gane, Baba."

Ashe rabi na gane. Da na koma gida sai na bi takardar kaf, duk inda na ga sunan 'yan wata ƙasa na mayar da shi ƙarami. Layin farko ya koma les nigériens et les nigérians. Haka aka buga, aka naɗe, aka kai wa mai aiki. Akawunsa, wanda ya yi karatu a Yamai, kallo ɗaya ya yi masa ya ajiye.

Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne, ƙaramin baƙi na sifa ne da sunan harshe. Idan kalmar tana siffanta wani suna da ya zo kafin ita, kamar un commerçant nigérien, ƙarami ne. Idan kuwa ita kanta ce mutumin, babba take ɗauka: un Nigérien, les Nigériens. Akawun ya rubuta mini a bayan takardar: le Français parle français. Na farkon Bafaranshe ne, na biyun harshensa. Haka ma les Haoussas parlent haoussa.

Da ma a can cikin takardar kuskuren yake, da ya wuce ba wanda ya lura. Amma layin farko ne, inda ake gaida baƙi, kuma da hannuna na ɓata abin da tun farko daidai yake. Ni na biya kuɗin sake bugu.

Yanzu kafin in taɓa irin wannan kalma sai na duba abin da ya zo kafin ita. Ranar nan ma na kama kaina zan rubuta le Fleuve Niger, alhali fleuve kogi ne kawai, Niger ɗin ne suna.