Lissafin shekarun yara a Excel: inda raba kwanaki da 365 ya ba ni kunya

An ba ni jerin sunayen yara in tace waɗanda suka cika shekara 6 cif a ranar 1 ga Satumba, 2023. Ranakun haihuwa suna layin B, ranar ƙa'idar kuma na sa ta a E1. Da yake Excel yana ajiye kwanan wata ne a matsayin lamba, idan ka cire ɗaya daga ɗaya sai ya ba ka yawan kwanakin da ke tsakani. Sai na raba da 365, na ɓoye lambobin bayan ɗigo don takardar ta yi kyau.

A nan na fara tuntuɓe. Yarinyar da aka haifa 15 ga Janairu, 2018 tana da kwana 2055, wato 5.63. Da na ɓoye abin da ke bayan ɗigo, sai gidan ya nuna 6. Lambar tana nan yadda take, fuskarta kawai aka ɗaga sama. Duk yaron da ya kai biyar da rabi ya zama ɗan shida a ido. Shekaru kuwa ba a ɗaga su, sai an cika.

Na sa INT don ya yanke rarar. Ya gyara nata, amma ya bar wata ɓaraka: wanda aka haifa 2 ga Satumba, 2017 yana da kwana 2190, an raba da 365 ya ba da 6 daidai, alhali sai washegari zai cika. Ranar 29 ga Fabrairun 2020 ce ta ƙara masa kwana ɗaya. Na koma 365.25, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne maganin. Sai wanda aka haifa 1 ga Satumba, 2017, mai kwana 2191, ya fito 5.998, INT ya mayar da shi 5 a ranar da ya cika shida.

Abin da ya raba gardama shi ne wannan:

```
=DATEDIF(B2,$E$1,"Y")
```

Shi kalanda yake bi, yana ƙirga cikakkun shekaru kaɗai. Da hannu za ka rubuta shi duka, don Excel ba ya kawo shi cikin jerin fomulolin da yake nuna maka idan ka fara rubutu. Ranar haihuwa ce farko, sannan ranar ƙa'idar. In ka juya su, #NUM! za ka gani. Ban sa TODAY() ba da gangan, domin da kowace safiya sakamakon zai canja.

Layuka kaɗan sun fito da #VALUE!. Na gwada su da =ISNUMBER(B2), suka ba da FALSE: rubutu ne aka shigar, ba kwanan wata ba. Kwamfutar tana kan tsarin Amurka mai fara da wata, don haka ta ƙi karɓar 25/03/2017. Wanda ya fi haɗari shi ne 03/09/2017, da ta karɓa shiru a matsayin 9 ga Maris maimakon 3 ga Satumba. Irin waɗannan sai da na koma kan takardun haihuwa ɗaya bayan ɗaya.