Darussan da na koya a kan rubuta ƙudurin cin bashin banki

Babban abin da aikin sakataren kamfani ya koya mini shi ne, banki ba ya ɗakin taro. Bai ji gargaɗin da wani darakta ya yi ba, bai ga wanda ya ɗaure fuska da aka ambaci jinginar filin masana'anta ba. Takarda guda yake gani mai sa hannun shugaba da sakatare, kuma dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta ba shi damar ɗauka cewa an bi ƙa'idojin cikin gida yadda ya kamata, muddin bai san akasin haka ba. Abin da ƙudurin ya faɗa shi ne ikon da majalisar daraktoci ta bayar, ko da ba shi take nufi ba.

A ɗauki misalin kamfanin casar shinkafa mai daraktoci biyar. Banki ya aiko da takardar tayi mai kashi biyu: naira miliyan 100 don sayen injin, a biya cikin wata 36, da kuma damar cin bashi a kan asusu har miliyan 50 na wata 12 don sayen shanshera lokacin kaka. Kuɗin ruwa kashi 28 cikin ɗari a shekara. Jingina kuwa filin masana'antar ne da injinan da ke ciki. A wurin taro kowa ya fahimci cewa miliyan 150 aka amince da ita, kuma mutum biyu ne za su riƙa sa hannu. Amma da aka zo rubutu, sai aka ɗauko samfurin da jami'in banki ya turo aka cike guraben. Ma'anar abin da ke ciki ita ce: majalisa ta amince kamfani ya karɓi rance daga bankin, ta kuma ba manajan darakta ko daraktan kuɗi ikon sa hannu a kan duk takardun rancen, da duk wani ƙari, sauyi ko sabuntawa.

Ramuka uku ne a wannan jimla. Ba a faɗi adadi ba. An ce wane ko wane, ke nan ɗayansu shi kaɗai ya wadatar. Sannan an haɗa da ƙari da sabuntawa, wato majalisa ta sallama haƙƙinta na a dawo gare ta. Bayan wata takwas farashin shanshera ya tashi, manajan darakta ya nemi a ɗaga damar asusu daga miliyan 50 zuwa 90, banki ya duba ƙudurin ya ga ya halatta, shi kaɗai ya sa hannu. Ƙarin miliyan 40 ɗin nan ruwansa kaɗai miliyan 11.2 ne a shekara. Kuma da yake takardar jinginar da bankuna suka saba rubutawa tana rufe duk kuɗin da ake bin kamfani, na yanzu da na gaba, filin da aka jinginar don miliyan 150 yanzu miliyan 190 yake ɗauke da ita. Sauran daraktoci ba za su sani ba sai ranar da wasiƙar neman biya ta iso.

A irin wannan rana ba a tambayar wanda ya matsa a yi sauri. Shugaban da ya ce a sa hannu kafin la'asar don kada tayin ya wuce, shi ne yake fara juyowa ya tambayi sakatare dalilin da ya sa bai ja hankalin majalisa ba. Wannan rashin adalci ne, kuma ya zama ruwan dare a wannan aiki. Abin da ke kare sakatare kaɗai shi ne ya ƙi miƙa samfurin banki yadda ya zo, ya rubuta gyaransa, ya aika wa shugaba a rubuce. Samfurin nan lauyoyin banki ne suka tsara shi don kare banki, kuma ba laifinsu ba ne. Yawancin bankuna suna karɓar ƙudurin da aka taƙaita matuƙar ya ƙunshi abin da takardar tayi ta sharɗanta.

Ga yadda ya kamata wancan ƙudurin ya kasance. Da Turanci ake miƙa shi ga banki, amma ma'anar da za a nema ke nan. Sakin layi na farko ya ɗaure amincewar da takardar tayi guda: majalisa ta amince kamfani ya karɓi rance daga banki kaza bisa takardar tayi mai kwanan wata kaza da lamba kaza, wadda aka gabatar a taron aka kuma liƙa kwafinta, jimillar da ba za ta wuce naira miliyan 150 ba, miliyan 100 don injin na wata 36, miliyan 50 damar asusu na wata 12. A rubuta adadin da lambobi da kuma kalmomi. Kuɗin ruwa kuwa a yi hattara da shi. Takardun tayi sukan ce banki na iya sauya shi gwargwadon yanayin kasuwa, don haka in aka kafe kashi 28 a ƙuduri kamar ba zai motsa ba, ƙudurin ya saɓa wa tayin, sashen shari'a na banki zai dawo da shi. Gara a ce kashi 28 a ranar tayi, bisa sharuɗɗan sauyi da ke cikin takardar, don ya tabbata cewa daraktoci sun ga wannan sharaɗi da idonsu. In bankin da ba ya karɓar kuɗin ruwa ne, kada a rubuta rance da ruwa ko kaɗan: a ambaci murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa kamfani da riba, ko ijara, wato haya, farashin saye, ribar da aka amince da ita da jimillar da za a biya.

Sakin layi na biyu na jingina ne, a kira kowace kadara da sunanta: lambar takardar mallakar fili, wurin da yake, jerin injinan. Sai jimlar da ta fi kowace tsada a takardar, wadda ke cewa duk ƙarin adadi, tsawaita wa'adi, sabuntawa ko ƙarin jingina sai da sabon ƙudurin majalisa. Da wannan jimla tana nan, banki da kansa zai mayar da manajan darakta ya je ya kawo amincewar abokan aikinsa.

Wajen masu sa hannu, abin da na fi ganin ana cakuɗawa shi ne iko iri uku da ake zubawa a jimla ɗaya. Akwai ikon karɓar tayi da sa hannu a yarjejeniyar rance da takardun jingina. Akwai ikon neman a saki kuɗin. Akwai kuma ikon juya asusun da kuɗin za su shiga. Na farko na daraktoci ne, kuma dokar 2020 ta nuna hanyoyin da kamfani zai zartar da irin waɗannan takardu ko babu hatimi: darakta da sakatare, ko daraktoci biyu, ko darakta ɗaya a gaban mai shaida. Tunda doka ta buɗe ƙofar mutum ɗaya, ƙuduri ne zai rufe ta, ya ce wane da wane tare. Na biyu da na uku ana iya sa akanta ko manajan kuɗi a ciki ko da ba darakta ba ne, amma da iyaka. Tsarin da ke aiki shi ne rukuni biyu, A na daraktoci, B na manyan ma'aikata: abin da bai wuce miliyan 5 ba, A ɗaya da B ɗaya tare, abin da ya haura haka, A biyu tare. B biyu ba sa fitar da ko sisi su kaɗai. A kuma faɗi ƙarara cewa wannan iyaka ta shafi tura kuɗi ta manhajar banki da intanet, domin sau da yawa ana tsare cak da sa hannu biyu alhali na'urar lambar sirri tana aljihun mutum ɗaya.

Kowane mai sa hannu a rubuta cikakken sunansa da muƙaminsa da samfurin sa hannunsa. Muƙami kaɗai ba ya isa, don mai riƙe da shi na iya canzawa; suna kaɗai ma haka, don mutum na iya barin kujera ikon ya bi shi. A ce wane, muddin yana riƙe da muƙami kaza. Sunan kuma ya zo daidai da na BVN da na rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan mahaifi da aka sa gaba a wata takarda aka mayar baya a wata, ya isa ya tsayar da sakin kuɗi har shanshera ta ƙare a kasuwa. Sunan kamfani da lambar rajistarsa su ma haka.

Duk wannan gyaran kalmomi ba ya amfani in taron kansa bai inganta ba. In dokokin cikin gida na kamfani ba su ce wani abu dabam ba, sanarwar kwana 14 a rubuce ake ba kowane darakta, rashinta kuwa yana ɓata taron, kuma majalisar da ba ta wuce mutum shida ba daraktoci biyu ne ke cika adadin zama. Nan ne ake matsa wa sakatare ya mayar da kwanan wata baya, ko ya rubuta taron da ba a yi ba. Kada a yarda. Doka ta tanadi mafita: ƙuduri a rubuce wanda dukkan daraktoci suka sa wa hannu yana da ƙarfin wanda aka zartar a taro. Dukkansu, ba mafi rinjaye ba, don haka in ɗaya yana Umara sai a aika masa ko a jira shi.

A duba dokokin cikin gida kafin a fara rubutu, wasu kamfanoni sun sa wa majalisa iyakar bashin da za ta ci ba tare da masu hannun jari ba. Daraktan da filinsa na kansa za a jinginar, ko wanda za a sayi injin daga kamfaninsa, ya bayyana haka a taron, a kuma rubuta. Lamunin da darakta zai tsaya wa kamfani da dukiyarsa alkawarinsa ne shi kaɗai, majalisa ba ta da ikon ɗora masa. Abin da ake ba banki tsamen ƙudurin ne da aka tabbatar, littafin bayanan taro yana zama a ofis.

A ƙara sakin layi da ke ɗora wa mutum guda, da sunansa, alhakin bin rajistar jinginar a CAC cikin kwana 90 daga ranar da aka ƙulla ta, da neman amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta a kan jinginar fili. Lauyan banki ne ya saba yin wannan, amma kuɗin daga asusun kamfani ake cirewa, kuma jinkirinsa yana riƙe sakin rancen. Sannan banki zai ci gaba da aiki da sunayen da ke hannunsa har sai sabon ƙuduri ya iso masa, saboda haka ranar da mai sa hannu ya ajiye aiki, a rubuta ƙudurin cire shi, a kai reshe, a karɓo kwafi mai tambarin karɓa da kwanan wata, a kuma karɓe na'urar lambar sirrin da ke hannunsa.