Minti uku ina jiran a yanka

Na daɗe ina jin kalmomin mizansen da lon-tek da jam-kot a bakin masu sharhin fim, amma ban riƙe ma'anarsu ba sai ranar da na zauna da takarda da biro gaban farkon fim ɗin Touch of Evil na Orson Welles, wanda ya fito a 1958. Niyyata in ja layi duk lokacin da aka yanka hoto. Minti uku da 'yan daƙiƙu suka wuce ban ja ko ɗaya ba.

Wannan ita ce lon-tek, wato doguwar ɗauka: kyamara ta ci gaba da aiki ba a katse ta ba. Da can ina rikita ta da lon-shot, alhali shi nisa yake nufi, ita kuwa lokaci. A wannan sin ɗin wani ya saita bam mai agogo, ya jefa a but ɗin wata mota, kyamara ta tashi sama ta bi motar cikin wani gari na kan iyakar Meziko da Amurka. Da yake ba a yanka ba, lokacin da bam ɗin ke ƙirgawa shi ne nake ƙirgawa a kujerata, har na ji wuyana ya sage. Yankan farko bai zo ba sai da bam ɗin ya tashi da motar.

A kallo na biyu na rabu da kyamara, na dubi abin da aka jera gabanta. Shi ne mizansen, kalmar Faransanci da aka aro daga wasan daɓe: wuri, haske, sutura, kaya, da inda kowane ɗan wasa ya tsaya ko ya bi. Ɗan sanda ya tsayar da motar, masu tura amalanke sun gifta, har awaki sun tare hanya. Ba ɗaya da ya zo da ka. Kowanne yana jinkirta motar don ta sake jerawa da wasu ango da amarya da ke tafiya a ƙasa, kuma duk jerawar sai gabana ya faɗi.

Jam-kot ya fi ba ni wahala, domin duk yankan da ya zo ba zato haka nake kiransa. Fim ɗin darakta Jean-Luc Godard na 1960, À bout de souffle, ya gyara mini. Jarumar fim ɗin, Jean Seberg, na zaune a mota, ana ɗaukarta ta ƙeya, wurin kyamara bai sauya ba, amma titin da ke gefenta sai tsalle yake, kanta ma ya karkata nan take. An gutsure lokaci daga cikin ɗauka ɗaya. Yanzu in na ga yanka, kusurwa nake fara dubawa: in mutumin ɗaya ne kuma kyamara ba ta matsa kamar digiri 30 ba, ido zai ji tsallen.