Mura da Tirenin: Abin da Nake Dubawa Kafin In Ɗaura Takalmi

A filin da muke tirenin da sassafe, da zarar mutum ya ce mura ce ta hana shi fitowa, amsar da zai samu ɗaya ce: ka zo ka yi gumi, za ta fita. Da wannan maganar muka taso, kuma har yau akwai manyan 'yan ƙwallo a unguwarmu da za su rantse maka a kanta. Ni tela ne, ina sassarfa kusan kullum bayan sallar asuba, ina kuma kula da tirenin ɗin wasu yara matasa. Abin da na gani a jikina da jikinsu shi ne gumi ba ya fitar da mura. Gudu yana buɗe hanci na ɗan lokaci, sai ka ji kamar ka warke, amma kafin ka gama wanka majina ta dawo. Ƙwayar bairos ce ke kawo mura, jiki ne ke yaƙarta da kansa, kuma yawanci tana ɗaukar kwana 7 zuwa 10, ko ka yi gudu ko ka kwanta.

Ba ina cewa duk mai mura ya ja bargo ba. Matsalar ita ce abubuwa biyu daban muke kira da suna ɗaya, ɗaya za ka iya fita da ita, ɗayar kuma tana iya yi maka illa idan ka matsa. Hunturun da ya wuce duka biyun sun same ni, shi ya sa nake iya bambanta su dalla-dalla.

Ta farko ta shigo a hankali. Ƙaiƙayin maƙogwaro da yamma, washegari atishawa da majina kamar ruwa, daga baya hanci ya toshe. Abinci na ci, barci na yi, ƙafafuna ba su yi nauyi ba. Wani yayana ma'aikacin jinya ne ya koya mini ƙa'idar da likitocin 'yan wasa suke amfani da ita, wato ka duba inda ciwon ya tsaya. Idan daga wuya ne zuwa sama, majina, atishawa, toshewar hanci, ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma babu zazzaɓi, za ka iya motsa jiki sama-sama. Idan ya sauka ƙasa da wuya, tari daga ƙirji, ciwon gaɓoɓi, rawar sanyi, amai ko gudawa, to babu fita.

Na fita, amma na rage. Na soma da tafiya mai sauri da sassarfa a hankali na minti 10 don in ji yadda jikin zai karɓa. Da na ji kaina yana sarawa ko numfashi yana yi mini wuya fiye da yadda na saba, da gida zan juya. Ban ji komai ba, sai na ci gaba, na yi kusan rabin abin da na saba yi, a saurin da zan iya hira da na kusa da ni ba tare da haki ya yanke mini magana ba. Gudun tsere da ɗaga ƙarfe mai nauyi na ajiye su gefe. Lokacin fita ma na canza, domin sanyin asuba da ƙurar hazo suna ƙara tayar da tari, sai na bari rana ta ɗan ɗaga. Murar ta gama kwanakinta ta wuce. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma ƙaru ba. Haka ma wani bincike da Thomas Weidner da abokan aikinsa suka buga a 1998 daga Jami'ar Ball State a Amurka ya nuna: sun sa wa matasa ƙwayar mura da gangan, wasu suka riƙa motsa jiki matsakaici na minti 40 rana ɗaya bayan ɗaya, wasu suka huta, kuma ba a ga bambanci a tsananin murar ko tsawonta ba.

Ta biyun ba ta yi sallama ba. Da azahar ina kan keken ɗinki lafiya lau, kafin magariba bayana da cinyoyina suna ciwo kamar an yi mini dukan tsiya, ga rawar sanyi, ga ciwon kai a bayan idanu, ga busasshen tari. Haka fulu take, wato murar mai tsanani: farat ɗaya take kayar da mutum, kuma jiki gaba ɗaya take kamawa. Abubuwa biyu na auna washegari kafin in sha komai. Ma'aunin zafi ya nuna 38.6, alhali daga 38 an shiga zazzaɓi. Sai bugun zuciya, wanda nake ƙirgawa a wuyan hannu na cikakken minti ɗaya kafin in sauko daga gado. A ranakun lafiya nawa yana kusan 60. Ran nan 82 na samu ina kwance. Zuciyar da ta ƙara bugu 20 ba tare da na ɗaga ko yatsa ba, ta riga tana aiki, babu dalilin ɗora mata zagayen fili.

Ga abin da ya sa zazzaɓi ya zama layin da ba a tsallakewa. Jikin mai zazzaɓi ya riga ya yi zafi, gudu kuma yana ƙara masa wani zafin. Ruwa yana fita ta gumi, ga shi mara lafiya ba ya shan ruwa sosai, a hunturu kuma iska busasshiya ce, gumin yana bushewa ba ka ma san ka yi shi ba. Daga nan jiri da faɗuwa suke zuwa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kumburin tsokar zuciya. Ƙwayoyin bairos, har da ta fulu, wani lokaci sukan taɓa zuciya, kuma motsa jiki mai tsanani a wannan hali yana iya rikita bugunta, har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru likitoci kan hana wasa na wata 3 zuwa 6. Masu kallon ƙwallo za su tuna Alphonso Davies na Bayern Munich: a Janairun 2022, bayan ya yi korona, aka gano masa wannan kumburin, mai sauƙi ma, amma sai a Afrilu ya dawo fili. Wannan ɗan wasa ne da likitoci ke duba zuciyarsa da na'urori. Mu a filin unguwa babu mai duba kowa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a nan. Zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki su ne dai alamomin maleriya, don haka ban yanke wa kaina hukunci ba. Na je aka ɗiga jinin yatsa aka yi gwajin gaggawa, cikin minti 20 aka ce babu ita. Sai na koma gida na kwanta da ruwa, kunu, shayin citta da zuma, da farasitamol idan ciwon jiki ya matsa. Ban sha antibayotik ba, domin ba ya taɓa bairos.

Inda aka fi samun matsala a wajen yarana shi ne magani. Wani daga cikinsu, ɗan baya ne mai ƙwazo, ya zo ranar wani wasan sada zumunci idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Na taɓa goshinsa, babu zafi sosai.

Na ce, "Me ka sha?"

Ya ce, "Koci, ƙwaya biyu ce kawai daga kemis. Wallahi yanzu garau nake."

Na ce, "Jiya da dare fa?"

Sai ya sunkuyar da kai ya ce bargo biyu ya rufa. Na kama wuyan hannunsa yana zaune, bugun ya haura 100. Benci ya zauna yana fushi da ni. Farasitamol yana sauke zafin na 'yan sa'o'i ne, ciwon yana nan ƙasa, shi ya sa awon da ke da ma'ana shi ne wanda aka yi kafin shan magani ko bayan ya sake ka. Yawancin ƙwayoyin murar da ake sayarwa a kemis haɗi ne: akwai farasitamol a ciki, akwai mai buɗe hanci wanda ke iya ƙara bugun zuciya da hawan jini, akwai kuma mai sa barci. Wanda ya sha irin wannan ya ƙara da farasitamol daban, ya ninka ba da saninsa ba, kuma babban mutum bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba saboda hanta. A karanta jikin kwalin.

Maganar aiki ta fi ta tirenin wuya, domin tirenin ganin dama ne, amma da yawanmu sai mun fita ake ɗora tukunya. Da murar farko na je shago, na sa takunkumi, na buɗe taga, na ware kofina. Da ta biyun ban je ba, ko da yake kayan biki sun taru, domin shagon ƙarami ne kuma a kwanaki ukun farko ne mai fulu ya fi yaɗa ta. Kwanciyar mutum ɗaya ta fi sauƙi a kan yaran shago su kwanta gaba ɗaya ana saura mako biki. Wanda aikinsa na ƙarfi ne, dako, kwaɓa siminti, hawa gini, to aikinsa tirenin ne, ƙa'idar zazzaɓi ta hau kansa. Mai tuƙa adaidaita sahu ko babur kuma ya guji ƙwayar da ke sa barci idan dole sai ya fita.

Dawowa fili na yi ta a hankali. Na jira zazzaɓi ya tafi na cikakkun sa'o'i 24 ba tare da magani ba, wannan shi ne mafi ƙarancin sharaɗin komawa cikin mutane. Don gudu kuwa na ƙara jira har bugun safiya ya dawo kusa da 60, cin abinci ya dawo, hawa bene ya daina sa ni haki. Na fara da tafiya, sai sassarfa gajeriya, ina barin rana ɗaya tsakani in ga yadda zan tashi. Sai da aka shiga mako na biyu sannan na taɓa ƙwallo. Tari ya ɗan jima bai tafi ba, hakan kuma ba abin mamaki ba ne, yakan kai mako 3.

Yarana na gaya musu alamomin da ba a jira a kansu: ciwo ko nauyi a ƙirji, zuciya tana bugawa da sauri ko tana tsallake, haki a aikin da bai kai ya kawo ba, jiri ko suma, zazzaɓin da ya wuce kwana 3, ko wanda ya tafi ya dawo da tari mai tsanani. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu asibiti zai je, kuma ba zai sake sa riga a ƙungiyata ba sai likita ya duba shi. Mai asma, mai ciwon suga, mai sikila, mai ciwon zuciya da mai juna biyu, su tun ranar farko ta zazzaɓi ya kamata su ga likita, domin maganin fulu, idan za a ba da shi, ya fi aiki cikin sa'o'i 48 na farko.