Kashi 40 ɗin da na rubuta a CV ban buɗe littafin sito ba

Layi uku ne kacal a saman CV ɗina, ƙarƙashin suna da lambar waya, kuma shekara huɗu ban taɓa su ba. Da Turanci suke, kamar na kowa, sun fara da "hard-working team player", wato mai ƙwazo kuma mai iya aiki da jama'a, sai iya mu'amala da mutane, sai iya aiki cikin matsi. Wani yaro ne ya buga mini su a shagon kwamfuta a Birnin Kebbi, kuma na tabbata duk wanda ya zauna a bencin nan ranar da layukan ya tafi gida. Ni kuwa kaka uku na yi ina riƙe da littafin wani sito da ake sayen shanshera a wajen Argungu, amma ko buhu ɗaya bai fito a wannan gabatarwar ba.

Da na ga wata masana'antar casar shinkafa tana neman ma'ajin sito, sai na zauna gyara. Hanyar ba ta da wuya. Na rubuta kowace kalmar yabo a gefen hagu na takarda, a dama kuma na amsa tambaya ɗaya: me na yi da idan wani ya gani da idonsa zai kira ni da wannan sunan? Kalmar da na kasa samo mata aiki, na soke ta. Iya aiki cikin matsi da ƙwazo sun zama abu guda, domin shaidarsu ɗaya ce: a kakar rani ta ƙarshe na karɓi buhu 6,200 cikin mako goma, kowanne an auna shi, an gwada danshinsa, an shigar da shi littafi a ranar. Wannan adadin na san shi, don ni na rufe lissafin.

Maganar aiki da jama'a ce ta fi cin lokaci, saboda mutum yakan fara da cewa yana zaman lafiya da kowa, wanda ba shaida ba ne, sake yabon kai ne da wasu kalmomi. Abin da ake nema shi ne su wa ka yi aiki da su, su nawa ne, kuma me ke wucewa daga hannunka zuwa nasu. Nawa ya zama 'yan dako takwas, mai sikeli ɗaya, da direbobin da ke kawo kaya daga wajen Augie da Suru. Abin da ya haɗa mu shi ne tsarin da na kawo: ba a sauke buhu cikin sito sai an soka masa na'urar danshi a bakin ƙofa, wanda ya wuce kashi 14 cikin 100 a kai shi filin shanya. Da farko 'yan dako ba su so ba, don ɗauka biyu ce a kuɗin ɗaya, sai da aka daidaita da Alhaji mai siton aka ƙara musu ladan buhun shanya. Ka ga wannan jimla ce da mai ɗaukar aiki zai iya tambaya a kanta, ni kuma in amsa har ya gaji.

Da a nan na tsaya, da ban rubuta wannan ba. Sai na ga layin ƙarshe kamar bai cika ba, ina son adadi mai ƙara a kunne. Na san ɓatan kaya ya ragu a hannuna, kowa a siton ya sani. Littafin yana Argungu, ni ina Birnin Kebbi, ranar rufe karɓar takardu saura kwana biyu. Sai na rubuta cewa na rage asarar sito da kashi 40 cikin 100. Daga kaina na ciro shi. Na ga 50 zai yi kama da ƙarya, 30 kuma ya yi kaɗan.

Layin ya yi aikinsa, an kira ni ganawa. Mutum uku ne a teburin, na tsakiya dattijo ne mai furfura da gilashi a kan hanci, da gani ya daɗe a harkar sito. Ya ɗora biro a kan adadin nan, bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, wannan arba'in ɗin, daga nawa zuwa nawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, asarar ta ragu ƙwarai."

Ya ce, "Na yarda. Asarar buhu ko ta nauyi?"

A nan na ji zufa ta keto mini. Tambayar ba tarko ba ce, tambayar mai sana'a ce. A siton shanshera asara iri biyu ce. Akwai buhun da ya shiga littafi bai fita ba: ya ruɓe, ko ɓera da ƙwari sun lalata shi, ko ya yi ƙafa. Akwai kuma nauyin da ke tafiya da ruwa. Shanshera kilo 100 da aka saya da danshi kashi 18, idan ta bushe ta koma kashi 14, abin da zai hau sikeli bai fi kilo 95 da 'yan kai ba, kuma ba wanda ya saci komai. Na san wannan kamar yunwar cikina, kullum da shi nake aiki. Amma tunda arba'in ɗin ba daga ko ɗaya cikin biyun ya fito ba, ban san wanda zan zaɓa ba. Na ce duka biyun. Ya ɗan rubuta wani abu, ya wuce zuwa buhu 6,200, sai na lura yanayin tambayar ya canja: yanzu gwada ni yake ko shi ma wannan ƙirƙira ce. Adadi ɗaya marar tushe ya shafa wa na gaskiyar kashin kaji. Ba su sake kira na ba.

Bayan mako guda na je Argungu na roƙi Alhaji ya bar ni in duba littattafan. Ƙasa da awa biyu aikin ya ɗauke ni, kuma wannan ne ke ƙona mini rai har yau. A kakar rani ta farko mun karɓi buhu 4,100, gibin da aka samu ranar ƙirga ya kai buhu 31. A ta ƙarshe mun karɓi 6,200, gibin buhu 22. Idan buhunan gibin kaɗai ka kwatanta, daga 31 zuwa 22, ragin kusan kashi 29 ne. Amma kayan da suka shigo ba ɗaya ba ne, don haka lissafin adalci shi ne a kowane buhu 1,000 nawa suka ɓace: da kusan 8 ne, suka koma ƙasa da 4. Wato ya ragu da fiye da rabi. Arba'in ba ya nan a ko'ina. Na yi ƙarya, kuma ƙaryar ba ta ma kai gaskiyar kyau ba.

Daga nan na daina rubuta kaso tsirara. Kashi kaza cikin ɗari ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an san abu uku: daga nawa zuwa nawa, cikin wane lokaci, kuma me ake ƙirgawa. Idan wuri ya yi ƙaranci, gara ka sa adadin farko da na ƙarshe ka bar mai karatu ya yi lissafinsa, don wanda ya san aikin ya fi yarda da "daga kusan 8 zuwa ƙasa da 4 a kowane buhu 1,000" a kan kowane kaso. Gwajin da nake yi wa kowace jimla yanzu shi ne in ba wani takardar, ya sa yatsa a kan adadi ya ce mini "ina ka samo shi?" Idan ban iya kiran littafi, ko rasit, ko mutumin da zai shaida ba kafin in ja numfashi biyu, adadin ya fita.

Akwai abu na biyu da littafin ya tuna mini, wanda da dattijon ya ci gaba da tambaya da nan ma ya kama ni. A tsakanin kakar farko da ta ƙarshe Alhaji ya sayo katakon da ake jera buhu a kai don kada ya taɓa siminti, ya kuma gyara kwanon da ke yoyo. Wani ɓangare na ragin daga nan ya zo, ba daga ni ba. Na rubuta "na rage" kamar ni kaɗai ne a siton. Wannan kuskure ne da ke bin duk wanda ya gudu daga maganar aiki da jama'a: garin neman shaida sai ya haɗiye aikin mutum goma. Gyaran shi ne ka raba jimlar biyu, abin da hannunka ya yi da fi'ilinka, sakamakon kuma a matsayin na wurin. Na kawo gwajin danshi a bakin ƙofa da ƙirgar mako-mako, gibin sito ya sauka. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban ce na farkon ne kaɗai ya jawo na biyun ba.

Sai batun izini. Adadin kayan sito sirrin mai shi ne, kuma shi ne za a buga wa waya a tambaya. Na karanta masa layukan. Ya ce, "Buhu ka rubuta, amma kada in ga naira ko ɗaya, kada kuma in ga sunan wanda nake sayar wa." Hakan ma ya fi, tunda farashin shanshera na bana ba na bara ba ne, adadin kuɗi yakan tsufa da wuri, buhu kuwa buhu ne. Ribar da ban zata ba ita ce yanzu ya san abin da na rubuta, idan an kira shi bakinmu zai zo ɗaya.

Wani zai ce aikinsa ba shi da littafi. Shaida ba lallai ta zama adadi ba. Amanar da aka ba ka shaida ce: wa ke riƙe da makulli, wa ke sa hannu kafin mota ta fita. Sunan abin da kake aiki da shi shaida ne, kamar Excel ko na'urar danshi, muddin za ka iya sarrafa shi a gabansu. Yawan maimaituwar aiki ma shaida ne, kullum ko duk Asabar. Abin da ba shaida ba shi ne ƙiyasin da aka sa wa rigar lissafi, irin nawa.

Gabatarwar da ke saman CV ɗina yanzu ba ta kai kalma sittin ba. Da Turanci take, amma ga abin da ta ce: ma'ajin siton shanshera mai kaka uku a Argungu. A kakar rani ta ƙarshe na karɓi buhu 6,200 na shigar da su littafi cikin mako goma, tare da 'yan dako takwas da mai sikeli. Na kawo gwajin danshi kafin sauke kaya da ƙirgar mako-mako. Gibin sito ya sauka daga kusan buhu 8 zuwa ƙasa da 4 a kowane 1,000.

Na so in ƙara cewa lodin tirela ya yi sauri a hannuna, don na san ya yi. Na duba littafin, ba mu taɓa rubuta lokacin shigar mota da fitarta ba, sai na bar shi. Shafuka biyu na ƙirgar ƙarshen kaka kuwa, Alhaji ya yarda na ɗauki hotonsu bayan ya rufe layin kuɗi da takarda, suna cikin wayata.