Yadda na karanta zanen ƙungiyar karate mai ɗigo 34 da layi 78

Zanen da na fara koyon karanta zanen alaƙar mutane da shi sananne ne a wajen masu nazarin alaƙar jama'a. Wani mai bincike, Wayne Zachary, ya bi diddigin wata ƙungiyar wasan karate a wata jami'a ta Amurka daga 1970 zuwa 1972, ya wallafa abin da ya gani a 1977. Kowane ɗigo a zanen mutum ɗaya ne. Layin da ya haɗa ɗigo biyu yana nufin waɗannan mutane biyu suna hulɗa a wajen filin atisaye. Ɗigon 34 ne, layukan 78. Ana cikin binciken sai rikici ya tashi kan kuɗin darasi tsakanin malamin wasan da shugaban ƙungiyar, har ta dare gida biyu. Malamin shi ne ɗigo na 1, shugaban kuma na 34. Abin da ya sa zanen ke da daɗin koyo shi ne an san yadda lamarin ya ƙare, don haka duk abin da ka ce ka gani, akwai inda za ka gwada shi.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki zanen kamar taswirar gari. Na ga ɗigo biyu kusa da juna na ce ai waɗannan aminai ne, na ga wani a tsakiyar takarda na ce shi ne babba. Ashe inda ɗigo ya zauna ba ya cikin bayanan da aka tattara. Manhaja ce ke jera su, tana sa kowane ɗigo ya ture ɗan uwansa, kowane layi kuma ya jawo biyun da ya haɗa kamar roba, har komai ya lafa. Wurin da za ta fara ajiye ɗigon na kan-mai-uwa-da-wabi ne. Da na zana da umarnin `nx.spring_layout(G, seed=1)` na manhajar networkx ta Python, inda `G` shi ne zanen, `seed` kuma lambar da ke tsayar da wannan wurin farawa, sannan na sauya zuwa `seed=2`, sai ɓangarori suka sauya mazauni, wasu ɗigon da ke maƙwabtaka suka yi nisa, alhali ko layi ɗaya bai canja ba. Tun daga nan, kafin in ce komai kan zane, sai na tambayi abu uku: me ɗigo ke wakilta, me layi ke nufi, kuma layin yana da kibiya ko babu. A wannan zane babu kibiya, wato idan Wane yana hulɗa da Wane, ta kowane ɓangare daidai ne.

Neman cibiya, wato ɗigon da layuka suka yi masa yawa, aikin ƙirga ne. Kowane layi yana da baki biyu, saboda haka 78 sau biyu ya ba da 156, a raba wa mutum 34 sai kowa ya tashi da kusan 4.6. Wannan shi ne ma'aunin da nake aza kowa a kai. Da fensir na fara, ina yi wa kowane layi alama idan na ƙirga shi, kuma sau biyu ina samun 15 a kan ɗigo na 1 maimakon 16, saboda wani layi ya bi ta ƙarƙashin wani ɗigo ya ɓace mini. Wannan matsala ta layin da ya ratsa ta kan ɗigon da ba nasa ba tana ruɗa mutum ta hanya biyu: ko ta ɓoye layi, ko ta sa ka ga alaƙar da babu ita. Sai na koma ga lissafi:

```python
import networkx as nx
G = nx.karate_club_graph()
sorted(G.degree, key=lambda x: -x[1])[:5]
```

Amsar ita ce `[(33, 17), (0, 16), (32, 12), (2, 10), (1, 9)]`. A kula, manhajar daga sifili take fara lamba, shi kuwa Zachary daga 1 ya fara, don haka 33 ɗinta shi ne 34 ɗinsa. Ni da lambobin Zachary zan ci gaba. Shugaban yana da layi 17, malamin 16, sai na 33 mai 12, na 3 mai 10, na 2 mai 9. Sauran duk ba wanda ya wuce 6. Cibiyoyin biyu manya babu layi kai tsaye a tsakaninsu, sai dai mutum huɗu da ke hulɗa da kowannensu: 9, 14, 20 da 32.

A nan na tsaya na daɗe, domin 17 da 16 kamar abu ɗaya ne, amma matsayin mutanen biyu ya sha bamban. Gwajin da ya nuna mini haka mai sauƙi ne: rufe ɗigon da yatsa, ka ɗauka shi da layukansa duk babu su, ka duba wa ya rasa hanya. Da na rufe na 34, babu wanda ya yanke. Mutanensa kamar 15, 16, 19, 21 da 23 kowannensu layi biyu ne da shi, ɗaya zuwa 34 ɗaya zuwa 33, don haka na 33 ya riƙe su. Sai an cire 33 da 34 tare sannan waɗannan biyar su zube kowa shi kaɗai. Da na rufe na 1 kuwa, zanen ya tsage uku. Na 12, wanda layinsa ɗaya tak kuma zuwa ga malamin ne, ya zama saniyar ware. Mutum biyar, wato 5, 6, 7, 11 da 17, suka zama tsibiri. Sauran 27 suka rage a haɗe. Umarnin `list(nx.articulation_points(G))` ya tabbatar da haka, domin ɗigo ɗaya ya fitar, `[0]`, wato malamin. Mai layi 16 shi ne ƙofar da babu wata bayanta, mai 17 kuwa yana da wanda zai tsaya masa.

Akwai kuma wanda layukansa ba su da yawa amma hanya ta kansa take bi, kamar dillali a kasuwa. Na 32 layi 6 kawai gare shi, ido ba zai tsaya a kansa ba. Amma yana haɗe da malamin, da shugaban, da na 33, da kuma 25, 26 da 29. Idan aka ƙirga sau nawa gajeriyar hanya tsakanin wasu mutum biyu ke ratsawa ta kan kowane ɗigo, da `nx.betweenness_centrality(G)`, malamin ne kan gaba da kusan 0.44, shugaban 0.30, na 32 kuma kusan 0.14, kafaɗa da kafaɗa da na 33 mai ninkin layukansa. Na 2 mai layi 9 yana can ƙasa da shi sosai, domin yawancin abokansa dama suna haɗe da malamin, ba sa bukatar bi ta kansa.

Gungu kuma ba cunkoson ɗigo a kusurwar takarda ba ne. Abin da nake gwadawa shi ne layukan cikin gida da na waje. Ɗauki waɗancan biyar ɗin, 5, 6, 7, 11 da 17. Mutum biyar za su iya samun layi 10 a tsakaninsu idan kowa ya haɗu da kowa, su kuma suna da 6, wato kashi 60 cikin ɗari. A zanen gaba ɗaya, mutum 34 za su iya samun layi 561, amma 78 ne ke akwai, kusan kashi 14 cikin ɗari. Layukansu na fita waje huɗu ne, duk zuwa ga malamin. Wannan gungu ne na gaske ko yaya aka juya zanen. Haka manyan ɓangarorin biyu: idan aka raba mutanen yadda suka rabu a zahiri, 17 nan 17 can, layi 11 ne kawai ke tsallaka iyaka, 67 suna cikin gida.

To gungu nawa ne a zanen? Idan na ba wa manhaja ta raba da Louvain, wata hanyar lissafi ta gano gungu, yawanci huɗu take fitarwa, tana ware biyar ɗin can daban, ta kuma tsaga ɓangaren shugaban biyu. Mutanen kuwa gida biyu suka rabu. Ba na ganin ɗaya ya ƙaryata ɗaya, galibi ƙananan suna cikin manyan ne. Abin da na daina yi shi ne ɗaukar launin da aka shafa wa ɗigo a matsayin hujja. Launi hukuncin wanda ya yi zanen ne ko na manhajarsa, kuma a bakin iyaka yake yawan kuskure. Na 10 layi biyu gare shi, ɗaya zuwa 3 na ɓangaren malamin, ɗaya zuwa 34. Daga zanen kaɗai babu yadda za a yi ka rantse da inda zai faɗa. Ya bi shugaban.

Na 9 ya fi ban sha'awa. Layukansa biyar: biyu zuwa 1 da 3, uku zuwa 31, 33 da 34. Ƙirga ta ce na shugaban ne, lissafin da Zachary ya yi don hasashen ɓangaren da kowa zai bi ma can ya kai shi, kuma shi kaɗai ne cikin 34 lissafin ya kuskure. Mutumin ya bi malamin ne saboda saura mako uku ya yi jarrabawar baƙar ɗamara, kuma da ya sauya sheƙa da ya rasa matsayin da ya kai. Wannan dalili babu layin da ke ɗauke da shi.

Saura batun saniyar ware. `list(nx.isolates(G))` ba ya fitar da kowa, babu ɗigo ko ɗaya marar layi. Da farko na fassara wannan da cewa ƙungiya ce da kowa ke da aboki. Ba haka ba ne. 'Yan ƙungiyar sun fi 34, Zachary ya bar waɗanda ba sa hulɗa da kowa a wajen atisaye bai sa su a zanen ba. Wato keɓaɓɓun suna nan, an cire su ne tun kafin a ja layin farko. Akasin haka ma yana faruwa. Kowane layi a bayanan yana da nauyi gwargwadon yawan wuraren da mutanen biyu ke haɗuwa, kuma idan ka yi tacewa a Gephi, wata manhajar zana irin wannan zane, ka ce a ɓoye layuka masu ƙarancin nauyi don zanen ya yi tsabta, nan take za ka ga ɗigo suna yawo su kaɗai a gefe, alhali kai ka yanke su. Shi ya sa duk lokacin da na ga ɗigo marar layi nake komawa teburin bayanan in duba abu uku: ko da gaske ba shi da alaƙa, ko an tace layinsa, ko kuma an rubuta sunansa iri biyu ne har mutum ɗaya ya zama ɗigo biyu, ɗaya da layuka ɗaya fayau.

Kuma nisa daga tsakiyar takarda ba keɓewa ba ne. Na 17 kusan kullum can ƙarshen zane manhaja ke jefa shi, kamar wanda aka kora. Layinsa biyu ne, zuwa 6 da 7, su biyun kuma suna haɗe da juna, suna cikin gungun da ya fi matsakaicin zanen cunkoso ninki huɗu. Abin da ke gaskiya game da shi shi ne ba shi da layi zuwa ga malamin, don haka duk labarin da zai iso masa daga sauran ƙungiyar sai ya bi ta malamin, sannan ta 6 ko 7. Daga shi zuwa shugaban taku huɗu ne: 17 zuwa 6, 6 zuwa 1, 1 zuwa 32, 32 zuwa 34.