Wa ke da ikon fara cewa tu?

Da Faransanci na yi karatu tun daga firamare a Damagaram, don haka lokacin da na tafi Lyon ƙaro ilimi ban buƙaci a koya mini tu da vous ba, wato "kai" ko "ke" da "ku" na Faransanci. Malamanmu sun riga sun gaya mana cewa tu na wanda ka saba da shi ne, vous kuma na jama'a ne ko na wanda kake girmamawa. Abin da sai a can na gane shi ne, zaɓin ba a hannunka kaɗai yake ba. Tsakanin mutum biyu, akwai wanda ke da ikon buɗe ƙofar tu, akwai wanda aikinsa jira ne.

Na 'yan aji ba shi da wuya. Ɗalibi da ɗalibi tu ne tun ranar farko, ko sunan juna ba ku sani ba. Ka ce "Salut, ça va ?" shi ke nan. A ajinmu akwai wani da ya ba yawancinmu shekara ashirin, ya bar aiki ya dawo karatu. Tarbiyyar gida ta so ta sa in ce masa vous, amma na ga kowa tu yake ce masa, shi ma haka yake so, don vous ɗin zai ware shi ne daga cikinmu. Malami kuwa vous ne ko da ka girme shi, kuma shi ma da vous zai amsa maka. Wannan yaɗuwar tu tsakanin ɗalibai da abokan aiki ta ƙaru ne sosai bayan boren ɗalibai na watan Mayun 1968, shi ya sa har yanzu za ka ga tsofaffi sun fi matasa riƙe vous.

Mai kanti ne ya fi rikita mutanenmu. A kasuwar Yamai, idan ciniki ya koma Faransanci, tu ake yi, ba wanda zai ji haushi. A gidan burodi a Lyon kuwa, kana shiga sai "Bonjour madame", kafin ka buɗe baki ka nemi komai, sannan "Une baguette, s'il vous plaît". Matar da nake sayen burodi wurinta kullum safiya ta san irin wanda nake so, tana tambayata sanyi, ina tambayarta jikokinta, amma har na bar unguwar vous muke yi. Sabo kaɗai ba ya kawo tu. A kantunan 'yan Afirka da Larabawa na unguwar Guillotière abin ya sha bamban, mai kanti zai tarbe ka da "mon frère" da tu tun kana bakin ƙofa. A nan sai in bi shi, sai dai in dattijo ne mai furfura, shi kam ina barinsa a vous, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Dattijuwar da na kama hayar ɗaki a gidanta ta haura saba'in. Watannin farko vous take ce mini, tana haɗawa da sunana na yanka. Wannan wani matsakaicin mataki ne da littafin makaranta bai cika ambata ba: a kira ka da sunanka, ba Monsieur ba, amma a riƙe vous. Wata rana na ɗauko mata kaya daga kasuwa, sai ta ce, "Je peux te tutoyer ? Tu as l'âge de mon petit-fils", wato ko za ta iya ce mini tu, tunda ni sa'an jikanta ne. Na ce ba komai. A lura da abin da ta roƙa: izinin ta ce mini tu. Ba ta ce mu yi wa juna ba. Na ci gaba da vous, ita tana tu, haka muka zauna lafiya. Ga Bahaushen da ya saba ce wa dattijo "sannunku" wannan ba baƙon abu ba ne. Faransawa da yawa ma haka suke da surukansu shekara da shekaru.

Amma tu mai tafiya ta ɓangare ɗaya ba ko'ina yake da daɗi ba. Daga tsohuwa zuwa sa'an jikanta ƙauna ce. Daga ma'aikacin da bai san ka ba, kana tsaye gabansa da takardunka, raini ne, kuma ga ɗan Afirka yana da tarihi, don zamanin mulkin mallaka Bature tu yake ce wa baƙar fata komai shekarunsa, shi kuwa a ce masa vous. Dokar ladabin aiki ta 'yan sanda da jandarmomin Faransa, wadda ta fara aiki a 2014, ta wajabta musu vous idan suna magana da jama'a. Idan baƙo ya jefe ni da irin wannan tu, ba na rama masa. Nakan amsa da vous a fili, in ƙara da Monsieur, kuma sau da yawa sai ya gyara.

Inda na fi yin lissafi shi ne ranar da na fara aiki a wani kamfani. Shugabar sashen, wadda ta yi mini tambayoyin ɗaukar aiki, da vous muka yi, a baki da a wasiƙa, don haka na shiga da "Bonjour madame, comment allez-vous ?" Da ta kai ni ofishin da zan zauna, na gai da kowa da "Bonjour" da "Enchanté", kalmomin da ba su ɗauke da tu ko vous, na kasa kunne. Wani sa'ana ya miƙo hannu ya ce, "Moi c'est…", ya faɗi sunansa na yanka kawai, ya ƙara da "Tu viens d'où ?" Ya riga ya yanke hukunci, sai na bi shi. Ita shugabar sashen, kowa tu yake ce mata, amma ban ɗauki wannan a matsayin izinina ba. Sai wajen cin abincin rana ta ce, "On peut se tutoyer, ici tout le monde se tutoie." Wato mu riƙa ce wa juna tu, a nan kowa haka yake yi. Wannan "se" ɗin shi ne bambancinta da dattijuwar: juna take nufi. Daga nan dole in koma tu, don ci gaba da vous bayan an yi maka tayi kamar mayar da kyauta ne. Babban darakta, wanda ba ya zama tare da mu, bai taɓa yin tayin ba, ya tsaya a vous.

Sauyin kuma ba kalma ɗaya ba ce. Votre ya koma ton, "s'il vous plaît" ya koma "s'il te plaît", Madame ta faɗi sai suna, wasiƙar da ke farawa da "Bonjour Madame" tana iya komawa "Salut". Harshena ya ɗan jima yana zamewa zuwa vous da shugabar, tana dariya tana cewa ina tsofar da ita. Zamewa ta wannan gefen dariya kawai take jawowa. Ta ɗaya gefen ce ke da tsada, kuma alamarta a bayyane take: ka ce tu, a amsa maka da vous ana jan kalmar, ko a tambaye ka "On se connaît ?", wato mun san juna ne? Tambayar ba ta neman amsa, ana nufin ka wuce gona da iri.

Idan kuwa wanda kuka saba tu da shi ya wayi gari yana ce maka vous, in ba a gaban baƙi ko a taro ba, to akwai magana a ƙasa, gara ka bincika. Kada kuma tu na wurin aiki ya ruɗe ka ka ɗauka an zama abokai. Shugabar nan da tu ta hana ni hutun da na nema don zuwa Sallah gida, ta ce in sake rubuto takarda da wasu ranakun.